Yadda ake rubuta wa babban ofishin kamfanin aika kaya wasiƙar neman diyya idan ɓarna ta yi yawa

Ina sayar da humra da turaren wuta daga gida a nan Kano, wani lokaci kuma in shiga Kantin Kwari in saro atamfa da mayafai idan kwastoma ta yi oda. Yawancin masu sayen kayana ba a Kano suke ba, suna Abuja, Legas da Fatakwal, saboda haka rabin sana'ata a hannun kamfanin aika kaya take. Tsakanin Maris da Mayu na wata shekara, kamfani ɗaya ya lalata mini aike huɗu. Na yi ta zarya zuwa reshensu, yaron da ke kan kanta yana ce mini "Hajiya ki yi haƙuri, manaja ya tura maganar sama." Sama ɗin ba ta taɓa amsawa ba sai ranar da na rubuta mata da kaina. Abin da ke tafe shi ne yadda na yi, da inda na yi kuskure. Zan yi magana da "ki" domin yawancin masu irin sana'ata mata ne, amma mai shago a Farm Centre ko Kofar Wambai ma hanyar ɗaya ce.

Tun farko a bambance abu biyu. Idan a tasha kika ba direba kaya, a Unguwa Uku ko Naibawa, ba wasiƙa ce maganinki ba, ki koma wurin 'yan kamasho da shugabannin tashar, su ne suka san direban. Wannan bayani na kamfani ne mai rajista, mai ofis, mai ba da webil, wato takardar shaidar karɓar kaya, da lamba a jiki, wanda yake da babban ofishi a wani gari.

Kafin ki ɗauki biro, ki juya bayan webil

Manajan reshe a mafi yawan lokuta ba shi da ikon fitar da kuɗin diyya. Aikinsa karɓar kaya da sallamar mota. Wanda zai sa hannu a biya ki yana babban ofishi, bai san fuskarki ba, bai san shekara nawa kika yi kina hulɗa da su ba, bai ji ƙamshin humrar da ta malale cikin kwali ba. Takarda kawai zai gani. Zai buɗe kwamfuta ya sa lambar webil, ya duba abu uku: me aka rubuta cewa yana cikin kwalin, nawa aka rubuta darajarsa, kuma yaushe aka sanar da su ɓarnar. Duk wasiƙar da ba ta amsa waɗannan ba, komai zafinta, ajiye ta za a yi.

Shi ya sa aikin farko shi ne karanta ƙananan rubutun da ke bayan webil, ko shafin sharuɗɗa na kamfanin idan webil ɗin guntun rasit ne kawai. Ni sai da aka yi mini ɓarna ta uku sannan na karanta nawa, da tabaran maigida a idona. Abin da za ki nema shi ne wa'adin shigar da ƙorafi, da iyakar abin da suka ce za su biya, da jerin kayan da suka ce ba ruwansu da su. A kamfanin da na yi hulɗa da shi, wa'adin kwana bakwai ne daga ranar da aka kai kaya. Iyakar diyya ita ce darajar da mai aike ya faɗa aka rubuta. Kayan fashewa da na ruwa kuwa sun ce mai su ne ya ɗauki kasada, sai dai idan an bayyana su a kan kanta an karɓa a haka. Kowane kamfani da nasa, kada ki ɗauki nawa ki auna naki.

Da na ga kwana bakwai sai gabana ya faɗi, domin ɓarnar farko ta kusa wata biyu. Abin da ya cece ni shi ne duk ranar da aka yi ɓarna ina tura wa lambar reshen hoto da saƙo ta WhatsApp. Wannan saƙo sanarwa ce, kuma yana ɗauke da rana da lokaci. Saboda haka ko a yau, idan kwastoma ta kira ki ta ce kaya sun iso a fashe, kafin ki fara ba ta haƙuri ki tura wa reshen rubutaccen saƙo mai lambar webil. Kiran waya ba ya barin sawu.

Tattara hujja, aike bayan aike

Ki samu fayil ko babbar ambulan, kowane aike ki ware masa nasa. Ga yadda nawa huɗun suka kasance, domin a nan ne za ki ga bambancin aiken da za a biya da wanda ba za a biya ba.

Na farko ya tafi Abuja ran 6 ga Maris. Humra ce kwalba shida, kowace a kan naira 7,500, jimilla 45,000, kuma haka aka rubuta a webil: humra, kwalabe, 45,000. Biyu suka fashe. Kwastomar mace ce mai tsanaki, tun daga ƙamshin da ya tare ta a bakin get ta ce wa mai babur ɗin ya tsaya. Ta ɗauki hoton kwalin yana rufe, gefe ɗaya ya lotsa ya jiƙe, takardar webil tana manne a kai ana iya karanta lambar. Sannan ta buɗe a gabansa tana ɗaukar bidiyo, ta kuma rubuta a takardar da ta sa wa hannu cewa kaya sun iso da ɓarna. Wannan shi ne cikakken aike. Hoton kwali a rufe ya fi hoton fasasshiyar kwalba muhimmanci, domin kwalba tana iya fashewa a ko'ina, amma lotsatstsen kwali mai lambarsu a jiki yana nuna a hannun wa abin ya faru.

Na biyu Legas ne, ran 27 ga Maris. Turaren wuta kwalba goma a kan 4,000, wato 40,000. Huɗu suka dagargaje. A nan laifina ya shigo. Da yaron kanta ya tambaye ni kuɗin kayan, sai na ce ya rubuta 20,000, domin na ji an ce idan daraja ta hau kuɗin aike ma yana hawa. 'Yan ɗaruruwan da na tsimi su ne suka raba haƙƙina biyu. Asarata ta gaskiya 16,000 ce, amma a takarda kowace kwalba 2,000 take, huɗu kuwa 8,000. Ba zan iya zuwa in ce kayan 40,000 ne ba alhali da bakina na ce 20,000, kuma sa hannuna yana ƙasa.

Na uku, ran 18 ga Afrilu, turmi biyu ne na atamfa zuwa Fatakwal, kowane 18,000. Sun isa sharkaf da manja. Ni ban aika manja ba, ke nan jarkar wani ce ta ɓule a cikin motarsu. Wannan shi ne mafi ƙarfi cikin duka, domin atamfa ba kayan fashewa ba ce, ba kuma za a ce ban naɗe ta da kyau ba, tana cikin leda cikin kwali. Ina da rasit ɗin shagon Kwari, ina da alat ɗin kuɗin da kwastoma ta turo, ina da shaidar na mayar mata da kuɗinta.

Na huɗu ya sake zuwa Abuja ran 9 ga Mayu, humra kwalba uku. Maigadi ne ya karɓa ya sa hannu, matar gidan ba ta buɗe ba sai bayan kwana biyu, ta tarar ɗaya ta tsage, ta jefar da kwalin kafin ta kira ni. Na san a ina ta tsage, amma sani daban, hujja daban. Na sa shi cikin wasiƙar a matsayin shaidar cewa abin yana maimaituwa, ban nemi ko sisi a kansa ba. Wasu za su ce in haɗa kawai, idan sun biya riba ce. Ban yarda da wannan ba. Mai duba ƙorafi yana neman wuri ɗaya mai rauni ne ya kama, idan ya samu sai ya shafa wa sauran ukun kashin kaji.

Don kowane aike, abin da za ki haɗa shi ne kwafin webil, hotunan kwali da na kaya, hoton allon wayarki da ke nuna saƙon da kika tura wa reshe da ranarsa, rasit ɗin saye ko na sayarwa, da shaidar mayar da kuɗi ko sake aikawa. Ki sa musu lamba da biro, Hujja 1, Hujja 2, har ƙarshe, domin a cikin wasiƙar ki riƙa nuni da lambar. Rasit ɗin da ake bugawa da ƙaramin inji irin na POS rubutunsa yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a zafin Kano na Afrilu. Ki yi masa hoto ko fotokwafi tun yana karantuwa.

Lissafin abin da za ki nema

Kada wasiƙarki ta ce "a duba a taimaka mini". Ba taimako kike nema ba, kuma ba wanda zai zauna ya yi miki lissafi. Adadi ɗaya za ki faɗa, ki nuna yadda kika same shi.

A aike na farko na nemi 15,000 na kwalba biyu, da 4,500 da na sake biya musu don aika madadinsu, ya kama 19,500. A na biyu 8,000 bisa darajar da ke webil, da 6,000 na sake aikawa, 14,000 ke nan. A na uku 36,000 na atamfa da 7,000 kuɗin aiken da bai yi amfani ba, 43,000. Jimilla naira 76,500.

Akwai abubuwan da raina ya so in saka amma na bari. Kwastomar Fatakwal ba ta sake saye a wurina ba, kuma 'yar biki ce mai yawan oda. Kuɗin adaidaita sahu na zarya sau shida. Ɓacin rai. Duk gaskiya ne, amma ba su da rasit, kuma kusan kowane kamfani ya rubuta cewa ba ya biyan ribar da aka yi tsammani. Na ambaci asarar kwastoma a jimla ɗaya ba tare da na sa mata farashi ba. Sai batun farashin saye da na sayarwa: ki nemi wanda aka rubuta a webil, amma ki shirya jin sun ce rasit ɗin sari za su bi. Idan ke kike haɗa kayan da hannunki, kamar humra, babu rasit ɗin sari na kwalba ɗaya, don haka shaidar abin da kwastoma ta biya ita ce hujjarki.

Ita kanta wasiƙar

Babban ofishin waɗannan kamfanoni galibi a Legas ko Abuja yake, kuma da Turanci suke aiki. Shawarata ki rubuta da Hausa tukuna, yadda za ki tabbata kowace jimla abin da kike nufi ne, sannan ke ko wani ɗanki ko mai buga takardu ya mayar da ita Turanci, ki zauna kusa da shi kuna bin adadi ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ganin mai bugawa ya ƙawata wasiƙar wata da manyan kalmomi har ya manta lambar webil. Shafi ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. A sama ki sa sunanki ko sunan sana'arki kamar yadda yake a webil, adireshi, lambar waya da kwanan wata. A ƙasansa ki sa Manajan Darakta, ta hannun Sashen Ƙorafi da Biyan Diyya, da adireshin babban ofishin. Adireshin yana jikin webil ko shafinsu, idan kuma babu, binciken sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana nuna adireshin da suka yi rajista da shi. Ga tawa, na cire sunaye kuma na gajarta lambobin:

Ranka ya daɗe,

Neman diyyar naira 76,500 kan kayan da suka lalace a aike uku daga reshenku na Kano

Ni ƙaramar 'yar kasuwa ce a Kano, ina aika kaya ta reshenku kusan kowane mako tun shekara biyu da suka wuce. Daga 6 ga Maris zuwa 9 ga Mayu, aike huɗu da na ba ku lafiya sun isa da ɓarna. Ina neman diyya a kan uku daga ciki.

Webil mai ƙarewa da 4471, 6 ga Maris, Kano zuwa Abuja. Humra kwalba shida, daraja a webil 45,000, an bayyana cewa kwalabe ne kuma ma'aikacinku ya karɓa a haka. Kwali ya isa a lotse, kwalba biyu sun fashe. An buɗe a gaban mai kai kayanku, an rubuta ɓarnar a takardar karɓa. Na sanar da reshe a ranar (Hujja 1 zuwa 5). Ina neman 15,000 da kuɗin sake aikawa 4,500.

Webil mai ƙarewa da 5208, 27 ga Maris, Kano zuwa Legas. Turaren wuta kwalba goma, daraja a webil 20,000. Huɗu sun fashe. Na sanar da reshe a ranar (Hujja 6 zuwa 9). Ina neman 8,000 bisa darajar da ke webil, da kuɗin sake aikawa 6,000.

Webil mai ƙarewa da 6093, 18 ga Afrilu, Kano zuwa Fatakwal. Atamfa turmi biyu, daraja 36,000. Manja ya jiƙa su duka, alhali babu manja a cikin kayana. Na sanar da reshe a ranar, na kuma mayar wa mai saye kuɗinta (Hujja 10 zuwa 15). Ina neman 36,000 da kuɗin aike 7,000.

Akwai na huɗu, webil mai ƙarewa da 6650 na 9 ga Mayu, wanda kwalba ɗaya ta tsage. Ba na neman kuɗi a kansa domin ba a buɗe shi a gaban ma'aikacinku ba. Na ambace shi ne don ku ga cewa matsalar tana maimaituwa.

Na je reshenku sau shida, na ƙarshe ran 13 ga Mayu, ba a ba ni lambar ƙorafi ko amsa a rubuce ba. Wannan ya jawo na rasa mai saye da na daɗe ina hulɗa da ita.

Ina neman a biya ni naira 76,500 a asusun da ke ƙasa cikin kwana 14 daga ranar da wannan wasiƙa ta same ku. Idan kun ƙi wani ɓangare, ku rubuto mini dalili da sharaɗin da kuka dogara da shi. Ina kuma son sanin matakin da za ku ɗauka kan yadda ake loda kaya daga Kano. Kayan da suka lalace suna nan a ajiye ga duk wanda kuke so ya duba. Idan wa'adin ya wuce ba amsa, zan kai ƙorafin gaban Hukumar FCCPC da sashen NIPOST mai kula da kamfanonin aika kaya.

Na gode. Sai sa hannu, cikakken suna, da sunan banki da lambar asusu.

Akwai 'yan wurare a cikinta da na yi da gangan. Adadin kuɗin yana cikin kan magana, domin wanda ya buɗe ambulan ya san teburin da zai kai ta ba tare da ya karanta duka ba. Kowane aike an jera shi da tsari iri ɗaya, lamba, rana, hanya, kaya, ɓarna, sanarwa, kuɗi, don mai dubawa ya bi da yatsa. Ban kira sunan yaron kanta ko manajan reshe ba. A rubutun farko da na yi cikin fushi na ce ma'aikatansu 'yan ganin dama ne marasa amana. Yayana da ya karanta ya ce, "Ke, kuɗinki kike so ko a kori yaron mutane?" Gaskiyarsa. Idan kika zargi mutum da suna, reshen zai koma kare kansa, kuma su ne babban ofishi zai tambaya ko kin sanar da su a kan lokaci. Haka nan ban yi barazanar zan tona musu asiri a kafafen sada zumunta ba. Irin wannan barazana tana mayar da takardarki hannun lauyansu, maimakon hannun mai biyan kuɗi.

Jimlar da ke cewa su rubuto dalili da sharaɗin da suka dogara da shi tana da amfani fiye da yadda take a ido. Ƙin biya da baki abu ne mai sauƙi. Ƙin biya a rubuce yana nufin wani ya sa sunansa a takardar da wata hukuma za ta iya karantawa gobe.

Hukumomin da na ambata kuwa ba don ado ba ne. FCCPC hukumar tarayya ce ta kare haƙƙin masu saye, wadda dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa. Dokar ta ɗauki duk wanda aka yi wa aiki don kuɗi a matsayin mai saye, don haka ke da kika biya kuɗin aike kin shiga ciki ko da 'yar kasuwa ce ke. Ta kuma ce sharaɗin da ke rage alhakin kamfani dole ne a jawo hankalin mutum gare shi a fili kafin a ƙulla ciniki, abin da ke nufin ƙaramin rubutun bayan webil ba shi ne ƙarshen magana ba. NIPOST ita ce ke ba kamfanonin aika kaya lasisi. A nan gida akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi a ƙarƙashin kotunan majistare, wadda mutum zai iya shiga ba lauya. Ki ambaci wanda da gaske za ki je, ɗaya ko biyu. Jera su duka a wasiƙar farko alamar mai ihu ce kawai.

Isar da ita yadda ba za a ce ba a gani ba

Ki buga kwafi uku da hujjojinsu, asalin webil da rasit kuma su zauna a gida, kada ki ba kowa. Kwafi ɗaya ki kai reshe, ki miƙa wa manaja, ki ce ya sa hannu da kwanan wata da hatimin ofis a kan kwafinki. Nawa ya ɗan yi jim, ya ce, "Hajiya, ai da kin bari mun gama a nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai na kai ƙara ba, sauƙaƙa maka na yi. Ka sa mini hannu kawai cewa ta iso." Ya sa. Idan aka ƙi, ki rubuta rana da lokaci a bayan kwafinki, ki tura hoton wasiƙar ta lambar reshen a take.

Kwafi na biyu ki aika babban ofishi ta hanyar da ake sa hannu idan an karɓa. Ni na je babban gidan waya da ke titin Post Office na aika ta EMS. Ba ta cikin kamfanin da nake ƙara ba, kada ita ma ta sha manja. Sannan a ranar ki tura ta imel zuwa adireshin ƙorafinsu, wasiƙa da hujjoji a haɗe cikin fayil ɗaya na PDF, kan saƙon ya zama daidai da kan wasiƙar, da lambobin webil a jere. Hotuna goma sha biyar a warwatse ba wanda zai buɗe su. Idan amsar inji ta dawo da lambar ƙorafi, ki rubuta ta a jikin fayil ɗinki, da ita za ki riƙa magana daga nan.

Kwana 14 ɗin kuma daga ranar da suka karɓa ake ƙirgawa, ba daga ranar da kika rubuta ba.

Amsoshin da za ki iya samu

Ta farko ita ce shiru. Idan wa'adi ya cika, ki tura tunatarwa ta layi huɗu: ranar wasiƙar farko, ranar da suka karɓa, adadin kuɗi, da ƙarin kwana bakwai. Bayan nan ki aikata abin da kika ce, ki haɗa wasiƙun biyu da shaidar isarsu ki shigar da ƙorafi.

Ta biyu ita ce a ce ke ce ba ki shirya kayan da kyau ba. Wannan ita ce garkuwarsu a kan duk abin da ke cikin kwalba. Amsarta ita ce ma'aikacinsu ya buɗe ya gani ya karɓa, ko ma su ne suka naɗe kika biya kuɗin naɗin. Idan kin biya, yana cikin rasit, ki ja layi a ƙarƙashinsa. Idan kuwa da gaske a jarida kawai kika naɗe kwalabe suna gogar juna cikin kwalin taliya, to ki rage buri a kan wannan aiken.

Ta uku ita ce wadda aka yi mini. A kwana na goma sha ɗaya wata mata ta kira daga babban ofishi, da ladabi sosai, ta ce sun amince su ba ni aike kyauta har na naira 40,000. Na ce na gode, ta turo mini tayin a rubuce. Aike kyauta ba kuɗi ba ne, ɗaure ki yake yi ki ci gaba da ba su kaya, kuma abin da ya ci musu bai kai adadin da suka faɗa ba. Na amsa ta imel cewa kuɗi na mayar wa masu saye, kuɗi nake nema. Bayan mako guda suka rubuto cewa za su biya atamfar da kuɗin aikenta, 43,000, da humra biyun, 15,000. Kuɗin sake aikawa sun ce ba ya cikin sharuɗɗansu. Turaren Legas kuma suka ƙi gaba ɗaya, domin a webil an rubuta "turare" kawai, ba a ce a kwalba yake ba. Na duba kwafina, haka ne.

Tare da tayin suka turo takardar da zan sa wa hannu cewa an sallame ni. Irin wannan takarda a karanta ta a nutse, domin tana rufe ƙofa. Tasu ta ce na yafe duk wani haƙƙi a kan duk aiken da na taɓa yi da su, alhali a lokacin ina da kwalaye biyu a hanya. Na ce a gyara a rubuta lambobin webil ɗin da ake magana a kansu kawai. Suka gyara, na sa hannu. Na auna sauran 18,500 da zaryar da za ta biyo baya, na ga a kan turaren ba ni da ƙafar tsayawa, na bar shi. Alat ɗin 58,000 ya shigo ranar wata Talata ina tsakiyar jiƙa sandal, kwana 33 bayan na aika wasiƙar.